Minit ɗin taron da ba a yi ba

*Assalamu alaikum, Barista. Ina rubuta gajeren labari a kan wata yarinya, sabuwar shiga a ofishin sakataren wani kamfani, wadda ta lura daraktoci suna mayar da kwanan watan minit baya ana gab da zuwan masu odit. Ban taɓa aiki a irin wannan ofis ba, kuma ba na son wanda ya san aikin ya karanta ya ce shaci-faɗi nake yi. Ta yaya za ta gane a zahiri, kuma me za ta iya yi?*

Wa alaikumus salam, Malama. Fara da raba abu biyu da suke kama da juna, domin in kika haɗa su, duk wanda ya taɓa riƙe littafin minit zai ajiye labarinki tun a shafin farko. Rubuta minit a makare ba laifi ba ne. Ana yin taro ranar Alhamis, sakatare ya tafi da rubutun hannunsa, ya buga bayan mako ɗaya ko biyu, ya aika wa shugaban hukumar daraktoci ya duba, sannan a kawo shi zama na gaba a karanta, a gyara, a amince, shugaba ya sa hannu. Wani lokaci wata uku ne tsakanin taron da sa hannun. Dokar kamfanoni ta Najeriya, CAMA ta 2020, a sashe na 266, ta yarda shugaban taron da aka yi ko shugaban taron da ya biyo baya ya sa hannu. Saboda haka in yarinyarki ta ga ana buga minit ɗin Disamba a watan Fabrairu, abin da ta gani kasala ce, kuma kasala ta cika ofisoshinmu.

Abin da yake laifi shi ne takarda ta ce an zauna alhali ba a zauna ba, ko ta ce an yanke wani hukunci a zaman alhali ba a ko ambace shi ba, ko a sa hannu yau a rubuta kwanan watan bara don a nuna tun bara aka sa. Dalilin da ya sa mutane suke wahalar da kansu a kan haka yana cikin wannan sashen dai. Minit ɗin da shugaba ya sa wa hannu hujja ce: ana ɗauka an kira taron bisa ƙa'ida, an yi shi, kuma abin da aka rubuta shi ya faru, har sai wani ya tabbatar da akasin haka. Kin ga takarda ɗaya mai sa hannu ɗaya tana juya nauyin hujja zuwa kan mai musu. Wannan ƙarfin suke son saye.

Ba ni dama in gina miki misali ɗaya, ki ɗauka ko ki canza. Kamfanin sarrafa shinkafa ne a Kano, na dangi, amma ya girma. Ki tabbata ya girma, domin dokar 2020 ta sauke wa ƙaramin kamfani wajibcin ajiye sakatare da na kiran odita, kuma ƙarami a wurinta shi ne wanda cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 120 ba, dukiyarsa bayan cire bashi ba ta wuce miliyan 60 ba, tare da wasu sharuɗɗa. Naki ya wuce nan da nisa, yana da bashin banki, bankin kuma yana jiran asusun da odita ya sa wa hannu. Daraktoci biyar ne: shugaba, manajan darakta, daraktan kuɗi, wani dattijo mai hannun jari tun kafuwar kamfanin, da wata mace da aka ɗauko daga waje. Hukumar ta ba manajan darakta ikon kashe har miliyan 50 shi kaɗai, abin da ya haura sai ya kawo gabanta.

A watan Yulin 2023 manajan ya ba wani kamfani kwangilar kawo shanshera. Daga Yuli zuwa Nuwamba aka biya kashi-kashi, jimla miliyan 183 da dubu 400. Kamfanin da aka ba nasa ne shi da ƙanensa. Bai kai maganar gaban hukuma ba, bai kuma bayyana cewa yana da hannu a ciki ba, alhali sashe na 303 ya wajabta wa darakta ya faɗi maslaharsa a zaman daraktoci in kamfani zai ƙulla yarjejeniyar da yake da rabo a cikinta. Shekarar kuɗi ta rufe ranar 31 ga Disamba. A farkon Fabrairun 2024 masu odit suka aiko da jerin takardun da suke so a tanada kafin su iso, kuma a kusa da saman jerin, kamar kullum, akwai minit na duk zaman daraktoci da na masu hannun jari, daga farkon shekara har zuwa ranar da za su rufe aiki. Ba don sha'awar karatu suke nema ba. A ciki suke duba ko manyan kuɗaɗen da suka fita sun samu amincewa, ko an ci bashi, ko akwai shari'a, ko an yi ciniki da makusanta. Nan ne ciki ya ɗuri ruwa.

Yanzu ga inda marubuta suke kuskure: suna sa a kira ƙaramar ma'aikaciya cikin ɗaki a rufe ƙofa a ce mata za mu yi ƙarya. Ba a yin haka. Abin da yake faruwa shi ne sakataren kamfanin, ogan nata, zai ajiye mata takarda a kan tebur da yamma, yana tsaye, makullin mota a hannu, ya ce, "Ga wannan, akwai wani zaman gaggawa da aka yi bara ba mu shigar ba. Ki daidaita shi da tsarin sauran, ki fitar da kwafi biyu, ki sa a fayil kafin Litinin." Ita kuma za ta ce, "To, Yallaɓai." Kalmomin da ake amfani da su ke nan: a daidaita, a cike giɓi, a gyara takardu. Da yawa daga masu faɗa ma ba sa jin suna aikata wani abu, a ganinsu kowa ya san da kwangilar, takarda ce kawai ba a yi ba.

To ta yaya za ta gane? Ba daga minit ɗin kansa za ta fara ba, domin shi an rubuta shi da kyau. Taro na gaskiya yana barin sawu a wurare da yawa, kuma ƙaramar ma'aikaciya ita ce take share waɗannan wuraren kullum. Kafin a zauna ana aika sanarwa. Sashe na 292 ya ce kwana 14 a rubuce ga duk daraktan da ya cancanta, sai in dokokin cikin gida na kamfanin sun tsara wani abu daban, kuma rashin sanarwa yana ɓata taro. Ana haɗa kundin takardun da za a tattauna. Ana sa hannu a rajistar halarta. Sashen kuɗi yana fitar da bauca ta alawus ɗin zama. Ana sayen ruwa da abinci, akwai rasit. Mai ƙirƙirar taro takarda ɗaya yake rubutawa, ya manta da sauran biyar. Yarinyarki za ta buɗe fayil don ta jera sabon minit tare da sanarwarsa da takardar halartarsa, kamar yadda aka koya mata a makonta na farko, sai ta tarar ba ko ɗaya. Za ta fara zargin kanta ne, ta ce ko ita ta ɓatar. Ki bar ta ta kwashe awa guda tana nema, tana zazzage durowa. Wannan awar gaskiya ce, na ga masu yinta.

Sai sarƙar tarurruka. Kowane minit yana buɗewa da amincewa da na baya, ya ambaci lambarsa da ranarsa. A ce zama na 41 an yi shi ranar 16 ga Maris 2023, na 42 ranar 21 ga Satumba. Minit ɗin Satumba zai ce an karanta na zama na 41 da aka yi a Maris an amince. In da an yi wani zama a tsakani, da Satumba ta ambace shi, da kuma maganar kwangilar ta fito a cikin batutuwan da suka taso daga zaman baya. Shi ya sa masu wannan aiki suke kiran nasu zaman gaggawa, don kada ya buƙaci lamba. Amma ko na gaggawa ne, dole a kawo minit ɗinsa zama na gaba. In suka ce bari su gyara na Satumba ma, sai su tarar an riga an aika wa daraktoci biyar kwafinsa ta imel tun bara. Da yawa daga kamfanoni sun bar littafi mai ɗinki sun koma fayil mai zobe da ake cire shafi a sa wani, doka kuma ta yarda, da sharaɗin a yi tanadin hana maguɗi. Inda aka yi tanadin, shafuka suna da lamba a jere kuma shugaba yana sa ɗan hannu a gindin kowanne. Sabon shafi a tsakanin 112 da 113 ba shi da wurin zama.

Abu na uku shi ne wanda na fi so ki yi amfani da shi, wato takarda ta san abin da bai kamata ta sani ba. Sun sa wa taron ranar Talata, 27 ga Yuni 2023, domin ya riga biyan farko na Yuli, ya kuma yi kama da ƙarshen zango na biyu. Ƙudurin ya ce hukuma ta amince da kwangilar shanshera ta naira miliyan 183 da dubu 400. Wannan adadi jimlar biya biyar ne da farashinsu ya bambanta, na ƙarshe a Nuwamba. A shekarar da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka saki naira a tsakiyar Yuni, kuɗin mota da farashin buhu suna tashi kowane mako, wa zai zauna a watan Yuni ya faɗi abin da za a biya har Nuwamba, har da dubu 400 na kai? Amincewar gaskiya tana cewa "kada ya wuce miliyan 200", ko ta faɗi tan nawa a kan farashi kaza. In adadin minit ya yi daidai da na littafin kuɗi kobo da kobo, daga littafin kuɗin aka kwafo shi.

Sannan ranar kanta. Wanda ya zaɓe ta kalandar bature ya duba, ya ga Talata ce, ranar aiki, ya huta. Amma 27 ga Yuni 2023 ita ce ranar hawan Arfa, washegari Babbar Sallah. Jerin mahalarta an kwafo shi ne daga minit ɗin Maris ba a taɓa ba, don haka sunan dattijon nan yana ciki, har an ce shi ya goyi bayan ƙudurin. Shi kuwa a ranar yana Arfa cikin harami. Yarinyarki ba ta buƙatar wani bincike don ta san haka. Ita ta buga wasiƙar da ya sanar da hukuma zai tafi aikin Hajji, kuma da ya dawo direbansa ya kawo dabino da zamzam ofis, aka ba ta nata a ƙullin leda, ta kai wa mahaifiyarta. Ki sa ganewar ta zo mata ta nan, tana tsakiyar buga sunansa, hannunta ya tsaya. Mai karatu Bahaushe zai riga ta ganewa da daƙiƙa ɗaya, kuma hakan yana da daɗi a labari.

Game da kwamfuta, ki taka a hankali. In ta buɗe takardar a Word ta shiga `File` sannan `Info`, za ta ga `Created` da `Last Modified` da `Author`. Zai iya nuna Fabrairun 2024 da sunan kwamfutar daraktan kuɗi. Amma wannan alama ce kawai. In tsohon fayil aka buɗe aka rubuta a kansa, zai iya ɗauke da tsohuwar rana, kuma ko sabuwar rana ya nuna, ogan zai ce sake bugawa aka yi domin na farkon ya ɓata. Abin da ya fi wuyar musu shi ne rashin: duk akwatin imel na ofishin ba sanarwar taro ko ɗaya a watan Yuni.

Akwai wata dabara da masu wayo suke bi, wadda za ta iya zama juyi na biyu a labarinki. Doka ta yarda da ƙuduri a rubuce ba tare da zama ba, a sashe na 289. Ba sanarwa, ba rajista, ba alawus, don haka ba sawun da za a nema. Sai dai sharaɗinsa shi ne duk daraktocin da suka cancanci sanarwa su sa hannu. Ma'ana sai an kai wa dattijon takarda gida, sai an kai wa matar nan da aka ɗauko daga waje, an roƙe su su sa hannu a ƙarƙashin kwanan watan da ya wuce da wata takwas. Wa ake aika da irin wannan takarda? Ƙaramar ma'aikaciya, a motar ofis. Ki yi tunanin zamanta a falon dattijon, ya sa tabarau, ya karanta, ya ɗago ya ce, "'Yata, wannan ranar ina ina?"

Yanzu abin da yake kanta ita. Kundin Penal Code da aka daɗe ana aiki da shi a Arewa, a sashe na 362, ya lissafa cikin takardar jabu wadda aka yi ko aka sa wa hannu da rashin gaskiya don a sa mutane su yarda an yi ta a wani lokacin da mai yin ya san ba a lokacin aka yi ba. Hukuncin jabu a sashe na 364 yana iya kaiwa ɗaurin shekara 14. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambobin sun canza, amma laifin yana nan. Dokar kamfanoni ita ma ta mai da shi laifi jami'in kamfani ya ba odita bayanin ƙarya yana sane. Kuma "sa ni aka yi" ba ya wanke wanda ya taimaka yana sane. Kalmar da komai ya rataya a kanta ita ce sani. Kafin ta tuna dabinon, mai buga takarda ce kawai. Bayan ta tuna, in ta ci gaba, ta shiga ciki. A wannan ɗan tsakanin labarinki yake.

Zan gaya miki abin da ya same ni, don ki ji nauyin. A shekaruna na farko, a wani kamfani da ba zan ambata ba, aka ba ni tsakuren wani ƙuduri in buga hatimi in sa hannu cewa kwafi ne na gaskiya daga littafin minit, za a kai banki. Ban halarci zaman ba, ban kuma buɗe littafin na duba ba, domin wanda ya miƙo mini babba ne kuma yana sauri. Bayan shekara biyu daraktocin suka ɓata da juna, ɗaya ya ce ba a taɓa yin wannan zama ba. Da aka fito da takardar bankin, sa hannun da yake kanta nawa ne. Waɗanda suka amfana ba wanda sunansa ya fito da tawada. Na kwana da yawa ban runtsa ba kafin su sasanta a tsakaninsu. Tun daga ranar ban sake tabbatar da tsakure ba sai littafin yana buɗe a gabana, kuma abin da nake fara koya wa duk wanda aka kawo ƙarƙashina ke nan.

Me za ta yi? Kada ki sa ta miƙe ta yi wa'azi, kada kuma ki sa ta kwashi fayil cikin jaka ta nufi 'yan jarida. Takardun hukuma sirrin kamfani ne, fitar da su zai ba su sandar dukanta, a bar maganar jabu a koma maganar cin amana. Mai hankali tambaya take yi, irin wadda aikinta ya ba ta damar yi. Ta tura wa ogan gajeren imel: "Yallaɓai, na zo shigar da minit ɗin 27 ga Yuni, ban samu sanarwa da takardar halarta ba, kuma a fayil akwai wasiƙar Alhaji ta tafiya Hajji a lokacin. Ina neman umarni kafin in shigar." Ba ta zargi kowa ba. Amma yanzu akwai rubutu mai kwanan wata na gaskiya da yake nuna ta gani, ta faɗa, ba ta shigar ba. Ta kuma rubuta a littafinta na kanta ranar da aka ba ta takardar, da wanda ya ba ta, da abin da ya ce. Yawanci amsar ba ta zuwa a rubuce. Kiranta zai yi, ya ce, "Wa ya ce ki turo mini wannan ta imel?" Daga wannan tambayar ta san ya sani.

Sannan ta zo da mafita, domin akwai ta, kuma a nan gwanintar aikinmu take. Hukuma tana iya zama yau, da kwanan watan yau, manajan darakta ya bayyana hannunsa a kamfanin shanshera, ya fita daga ɗakin, sauran su duba farashin da aka biya su gwada da na kasuwa a waɗannan watanni, in sun gamsu su amince da abin da ya riga ya faru. Minit ɗin zai faɗi gaskiya: an ƙulla a Yuli ba da izini ba, an kawo a Fabrairu, an tabbatar. Wannan halal ne, ana yinsa kullum. Iyakarsa ita ce ba ya goge cewa manajan ya ƙetare ikonsa kuma bai bayyana maslaharsa a kan lokaci ba. Odita zai rubuta hakan a wasiƙarsa ga hukuma a matsayin rauni a tsarin kula da kuɗi, dattijon zai ji, wataƙila sai an kai maganar gaban masu hannun jari, wataƙila a ce manajan ya mayar da ribar da ya ci. Ga kuma abin da zai ba ki mamaki: ko da minit ɗin jabun ya wuce, ƙa'idar lissafi ta IAS 24 tana buƙatar a bayyana cinikin da aka yi da makusanta a bayanan asusu, da amincewa ko babu. Ashe duk wannan kasadar ba ta ɓoye cinikin. Abin da take ɓoyewa kunyar mutum ɗaya ce a gaban 'yan'uwansa daraktoci.

In ogan ya ƙi, matakin gaba ya danganta da irin kamfanin. Kamfanin da jama'a suke da hannun jari a ciki dole yana da kwamitin odit, mutum biyar a ƙarƙashin dokar 2020, uku daga masu hannun jari, biyu daga daraktocin da ba sa gudanarwa, kuma kundin kyakkyawan shugabancin kamfanoni na 2018 ya nemi a samar da hanyar kai ƙorafi a asirce. A kamfanin dangi irin naki sau da yawa ba ko ɗaya. Abin da ya rage mata shi ne shugaban hukuma, in ba shi da hannu, ko daraktar nan ta waje, wadda sunanta yake cikin jerin mahalarta taron da ba ta je ba, kuma tana da hakkin ta sani. Kada ki jingina da tsarin fallasa na gwamnatin tarayya na Disambar 2016, an yi shi ne da nufin dukiyar gwamnati. Kada kuma ki ba ta kariyar da ba ta da ita. Matakan da doka ta gindaya kafin a cire sakatare, na ba shi sanarwa da damar kare kansa, na sakataren kamfanin jama'a ne shi kansa. Mataimakiyar da ba a ma tabbatar da ita a aiki ba, wasiƙa ɗaya ta ishe ta. Abin da ya fi faruwa ma ba kora ba ce. A daina ba ta fayil ɗin hukuma, a mayar da ita kai takardu hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a daina amsa gaisuwarta da fara'a. A gida kuma a ce mata wanda ya samo mata aikin abokin babanta ne, kada ta zubar masa da mutunci. Wannan matsin ya fi barazana ciwo, kuma shi mai karatunki ya sani.

Ki yi wa ogan adalci. Kada ki mai da shi mugu. Mutum ne mai shekara ashirin a aiki, da yara a makaranta, wanda aikinsa a sashe na 335 ya haɗa da ba hukuma shawara a kan bin doka, kuma ya san sarai abin da ya kamata ya faɗa wa manajan darakta ranar da aka kawo masa maganar, bai faɗa ba. Imel ɗin yarinyar ya tuna masa da abin da ya sani. Zai iya fushi da ita don haka, zai kuma iya ɗaukar takardar ya hau sama da ita. Duka biyun na gani.

Wurin da zan so ki kai labarin shi ne ranar Litinin, a ƙaramin ɗakin taro da aka ba masu odit. Ba babban odita ne yake karɓar fayil ɗin minit ba, ƙaramin cikinsu ne, sa'anta, mai kwamfuta da jerin abubuwan da zai yi wa alama. Doka ta ba odita damar ganin littattafan kamfani a kowane lokaci da neman bayani daga jami'ansa, kuma a ƙarshen aiki shugabannin kamfani za su sa hannu a wasiƙar da take cewa sun miƙa dukkan minit. Amma kafin wannan wasiƙar, tambayar tana fara sauka ne a kan wanda ya ɗauko fayil ɗin. Zai buɗe, ya ƙirga, Maris, Satumba, Disamba, sai ya ga ko akwai Yuni ko babu, gwargwadon abin da kika zaɓa ya faru a ƙarshen mako. Ba zai ɗago kai ba ma. Zai ce, "Malama, waɗannan su ne duka zaman da aka yi a shekarar?" Amsar ba ta wuce kalma ɗaya ko biyu ba, kuma ogan yana tsaye a bakin ƙofa.